Bidiyon koyar da aiki da Hausa da Tuwi da Turanci: ya zan yi kalmomin su zo ɗaya?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina kula da ma'aikata a wani ƙaramin kamfanin ruwan leda nan Kumasi, maigida ya ce in rubuta abin da za a faɗa a bidiyon da za mu riƙa nuna wa sababbin ma'aikata, yadda ake tada inji, wankin filta, da abin da za a yi in leda ta maƙale. Yaranmu wasu Hausa suke ji, wasu Tuwi, wasu Turanci. Na rubuta da Turanci na ba mutum biyu suka juya, da muka karanta wa yaran sai kowa ya fahimci abu daban. Don Allah ta ina zan gyara?

Mai shagon waya, Asawase: Wa alaikumus salam. Masta in dai bidiyo ne wayarka ta isa, abin da kawai za ka nema shi ne ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga, akwai su a Adum, don ƙarar inji tana cinye murya. Kar ka ɗauka da daddare.

Ɗan Aboabo: Na gode yaya, amma ɗaukar ba ita ce ta dame ni ba tukun, rubutun ne.

Hajiya ta rediyo: Ƙanena, ka ajiye rubutun nan gefe tukuna, ka tsallake aikin da ya kamata ya zo farko. Na daɗe ina juya sanarwa da talla tsakanin harsunan nan, kuma duk inda na ga an rikice to an fara da jimla ne kafin a daidaita sunayen abubuwa. Ka ɗauki littafi ka shiga ɗakin inji da tsofaffin ma'aikatanka, mai Hausa ɗaya mai Tuwi ɗaya, ka riƙa nuna abu da yatsa kana cewa wannan me kuke ce masa, ba kai za ka faɗa musu ba, su za su faɗa maka. Kowane abu layi ɗaya: hotonsa, abin da aka rubuta a jikinsa in akwai, sunansa da Hausa, da Tuwi, da Turanci, sai gida na ƙarshe inda za ka rubuta sunayen da aka hana a faɗa a cikin bidiyon. Wannan gida na ƙarshen mutane ke rainawa alhali shi ke riƙe aikin, don mai juyawa in ya ga kalma ta maimaitu sau biyar hannunsa zai yi ƙaiƙayi ya canza ta don magana ta yi daɗi. A labari hakan ado ne, a wajen inji haɗari ne, yaro zai ɗauka abu biyu ake nufi.

Ga misali daga tambayarka ma. Ka ce "leda ta maƙale". Wace leda? A wajenku abu uku ne: naɗin da ake ɗora wa inji, da ƙaramar da ruwa ya shiga mai rabin lita, da babbar da ake zuba guda 30 a ɗaure. Kuma a zango duka ukun roba muke cewa, wanda ya taso a Najeriya kuwa in ka ce roba bokiti ko mazubi zai kawo maka. To ka raba musu suna tun yanzu, misali naɗi, ƙulli, jaka, ko duk abin da yaranka suka saba da shi, kuma daga farkon bidiyo har ƙarshe naɗi ya zauna naɗi. Abubuwan ba za su wuce talatin ko arba'in ba, yini ɗaya ya ishe ka.

Malamin makaranta, Sabon Zango: Hajiya ta yi gaskiya wajen jerin kalmomi. Ni ƙarin da zan yi, Hausarmu ta nan ta gauraya da yawa, gara ka nemi wanda ya iya Hausar Kano sosai ya tace maka, a cire su filta da suwici a sa Hausa tsantsa, matata, makunni. Sannan ba sai ka yi murya uku ba, ka yi ɗaya da Turanci ka sa rubutun Hausa da Tuwi a ƙasa, ya fi sauƙi.

Hajiya ta rediyo: Malam, da girmamawa, nan ban bi ka ba. Yaron da ya taso a Aboabo ka ce masa matata zai tsaya yana kallonka, ka ce filta ya ruga. Bidiyon ba na gasar harshe ba ne, kalmar da ake kira a ɗakin inji ita ce daidai ko daga ina aka aro ta. Rubutun ƙasa kuma, ka san ba a koyar da bokon Hausa a yawancin makarantunmu na nan, mutum yana jin Hausa kamar ruwa amma karatunta a guje cikin daƙiƙa uku ba zai iya ba, ga shi idonsa ya kamata ya zauna a kan hannun mai aiki ne ba a ƙasan allo ba. Murya uku, hoto ɗaya. In ma za a ƙara rubutu to a duba harafin da aka zaɓa yana da ɓ ɗ ƙ namu da ɛ ɔ na Tuwi, Noto Sans ko Andika suna da su, in ba haka ba akwatuna za ka gani a madadin haruffa.

Malamin makaranta, Sabon Zango: Na yarda da maganar murya. Amma aron nan ina da ja, in kowa ya ari Turanci to me aka juya?

Tsohon ofareta, Nima: Ni ban san rubutu ba amma bari in faɗa maka inda kalma ta ci ni. Shekarun baya a wani wajen ruwa nan Ankara, naɗi ya naɗe a bakin hita, wanda ke sama da ni ya ɗaga murya ya ce ya kashe, na sa hannu zan ja, ashe danna STOP kawai ya yi, wuta na nan a jiki, ƙarfen da ke liƙe ledar yana nan da zafinsa. Yatsuna biyu har yau fatar wajen fara ce, ban iya jin sanyi da su sosai. Shi a bakinsa tsayarwa da kashewa duk ɗaya ne. Don Allah ɗana ka raba su a bidiyon nan, ka raba su da kyau.

Hajiya ta rediyo: Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena ka ga abin da nake nufi, ba sunan kaya kaɗai ba, har kalmar aiki sai an ɗaure ta. Ka rubuta a jerinka: tsayar yana nufin danna STOP, inji ya daina motsi amma wuta na nan. Kashe yana nufin sauke babban suwici na bango. Tuwi ma tana da nata biyun, dum shi ne kashewa, shi ne na cikin dumsɔ, yawan ɗauke wutar nan da muka sha wahalarsa, na tsayarwa kuma ka bar mai Tuwinka ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai.

Bari in rubuta maka wannan wajen yadda zan yi shi. Ka raba takarda gida biyu, hagu abin da ido zai gani, dama abin da za a faɗa, kowane yanki da lambarsa, kuma lambar ɗaya ce a harsuna ukun don in an gyara yanki na 7 a Hausa a san wanda za a taɓa a Tuwi. Yanki na 7, hoto: naɗi a cukurkuɗe a bakin hita. Murya: "Idan naɗi ya maƙale, kada ku sa hannu." Na 8, yatsa a kan maɓalli, rubutun STOP ya fito ƙato yadda yake a jikin injin: "Ku tsayar da inji. Ku danna STOP." Na 9, hannu a bango: "Ku kashe inji daga babban suwici." Na 10: "Ku jira hita ta huce, sannan ku kira ofareta." Aiki ɗaya a jimla ɗaya, kuma a jere yadda hannu zai yi su. Kar ka rubuta "kafin ku cire naɗi ku tabbata kun kashe", don kunne cire naɗi ya fara ji. Na sa "ku" ne da gangan, in ka ce "ka danna" matan da ke wajen ɗaurin jaka za su ji kamar ba da su ake ba.

Abin da aka rubuta a jikin inji ko a fom ba a juya shi, ko a wane harshe. Kan filtar yashi in irin mai hannun juyawa ne za ka ga FILTER, BACKWASH da FAST RINSE. Muryar Hausa ta faɗi kalmar yadda take a rubuce, ta yi bayani sau ɗaya, ruwa ne ake korawa ta baya ya ɗago dattin da yashi ya riƙe ya fita da shi, daga nan kuma sai sunan kawai. Malam, wannan ce amsata gare ka: bayanin ake juyawa, sunan yana zama, don hannun yaron kan wannan rubutun zai sauka. Kuma ka lura kar kalmar wanke ta haɗiye komai, wankin ƙasa da sabulu daban, kashe ƙwayoyin cuta a tanki daban, na filta daban. Mintocin kowanne ka ɗauko daga littafin injinku, a faɗa da baki a kuma sa lambar a allo.

Ɗan Aboabo: Hajiya Allah ya saka. To tsawon fa? Da muka gwada karantawa Turancin ya ƙare tuni Tuwin na nan yana tafiya.

Hajiya ta rediyo: Shi ya sa ba a yanka hoto a kan Turanci. Ku karanta kowane yanki da ƙarfi da agogon waya a harsuna ukun, wanda ya fi tsawo shi ne ma'auni, ka ƙara daƙiƙa biyu, sauran su yi shiru su jira, shiru ba laifi ba ne. Kar a sa mai murya ya yi sauri don ya cimma hoto. Kuma kafin ku ɗauki komai ku gwada: ka samo wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a karanta masa na Tuwi ya mayar maka da Hausa da bakinsa, in ya ce kashe a inda ka rubuta tsayar ka kama ɓarawon. Sannan sabon yaro ɗaya daga kowane harshe, inji a kashe, a karanta masa ya yi da hannu kana kallo ba ka cewa komai. Inda ya tsaya yana waige-waige, jimlar ce ke da laifi ba shi ba.

Mai sito a Alabar: Ni tambaya ce da ni a kan wannan. Wajena yaran arewa ne da yawa, Farafara da Dagomba, Hausarsu ta kasuwa ce Tuwinsu ma haka, ba wanda suka riƙe sosai a ciki. Su wanne za a kunna musu? Ko sai an yi na huɗu da na biyar?

Tsohon ofareta, Nima: Ka tambaye su da wane harshe suke faɗa da juna in inji ya lalace, wannan za ka kunna.

Hajiya ta rediyo: Ban da amsa ɗaya a nan gaskiya. In mutum biyu ne ko uku ni zan zaunar da su da wani nasu da ya daɗe a aikin, a kalla tare yana tsayarwa yana faɗa musu, a ƙara musu gida a jerin kalmomin ko da ba a yi murya ba. In sun kai rabin ma'aikata kuwa to kuɗin mai murya ɗaya bai kai yatsa ba.

Ɗan Aboabo: Mu ma muna da Farafara huɗu, ban ma tuna da su ba sai yanzu. Gobe da safe kafin a tada inji zan shiga da littafi. Baba, in ka yarda zan so in ba yaran labarinka a yanki na 7, ba tare da suna ba.

Tsohon ofareta, Nima: Ka ba su. In kana son hoton hannun ma zan turo maka.