Ana neman sunaye biyu na Hausa ga kason riba iri biyu kafin darasin Asabar

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan koyar da wasu masu sayar da atamfa yadda mutum zai duba lissafinsa da kansa, kuma dole takardar darasin ta isa wurin mai bugawa ranar Alhamis. Ina bukatar sunayen Hausa ga abubuwa biyu da Bature ke kira makof da majin, wato kason riba idan aka auna shi da kuɗin sari, da kuma idan aka auna shi da kuɗin sayarwa. Misalin da zan kafa darasin a kansa daga littafin wani ɗan kasuwa na ɗauko shi, da izininsa. Yana saro turmi a kan naira 20,000, ya sayar 25,000, sai ya rubuta cewa ribarsa kashi 25 cikin ɗari ce. A ƙarshen wata ya sayar da turmi 40, ciniki ya kama naira 1,000,000, sai ya cire kashi 25 na wannan kuɗin, wato 250,000, a matsayin ribarsa. Da ya koma sari da 750,000 da ta rage, turmi 37 kawai ya iya saya, da canjin 10,000, har ya fara zargin yaron shagonsa.

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam, Malama. A sake yaron nan, ba shi da laifi. Ribar gaskiya ita ce 5,000 sau 40, wato 200,000, don haka maigidan ne ya ci 50,000 daga uwar kuɗi da hannunsa. Naira 5,000 ɗin nan guda ce, amma idan aka auna ta da kuɗin sari kashi 25 ce, idan kuma aka auna ta da kuɗin da mai saye ya biya kashi 20 ce. Shi ya samo kason daga sari, ya je ya cire shi daga ciniki. Saboda haka ina ganin duk sunan da za mu zaɓa, lallai ya faɗi abin da aka auna ribar da shi. Shawarata ita ce “riba a kan sari” ga na farko, “riba a cikin ciniki” ga na biyu.

Ɗan Kantin Kwari: Baba, mu a kasuwa ba ma wannan dogon zance. Cewa muke yi na ɗora biyar a kan turmi, shi ke nan. Ni abin da ya taɓa cinye mini riba kuɗin mota ne da na dako da ban sa a lissafi ba, kuma ina jin shi ma wannan bawan Allah abin da ya same shi ke nan.

Malamar Lissafi: Alhaji, na duba wannan tun farko, kuɗin mota da dako suna cikin 20,000 ɗin. Amma kalmarka ta ɗorawa ta ja hankalina.

Mai Kishin Harshe: To ai ga kalmar nan a bakinmu tun kaka da kakanni: ɗoriya. Muna cewa dubu goma da ɗoriya, wato abin da ya hau kan asali. Na farkon ya zama ɗoriya, na biyun kuma ya zama tazara, domin shi ne nisan da ke tsakanin saye da sayarwa. Kalma ɗaya ɗaya, gajeru, kuma Hausa tsantsa, ba kamar riba ba wadda aron Larabci ce, kuma a rubuce ba a bambanta ta da riba ta kuɗin ruwa. Abin da ke damuna shi ne, duk sanda muka haɗu da kalmar Turanci sai mu jera jimla guda a madadinta, har yaranmu suka ɗauka Hausa ba ta iya ɗaukar ilimi.

Tsohon Akanta: Malam, ɗoriya ta yi mini, amma tazara ba za ta yi aikin ba. Tazarar da ke tsakanin 20,000 da 25,000 ita ce 5,000, kuma ɗoriyar ma 5,000 ce, ka ga sunayen biyu sun faɗa kan abu guda, alhali bambancin yana wurin abin da ake rabawa da shi. Ɗan kasuwan nan zai iya haddace kalmominka biyu ya sake cire 250,000 ɗinsa.

Mai Kishin Harshe: Kalma takan ɗauki ma'anar da aka koyar da ita a kai, Alhaji. Su ma Turawan ba a haife su da sanin bambancin ba. Me ya sa su za su yi da kalma ɗaya, mu kuma sai da huɗu?

Ɗalibin Fiƙihu: Malamai, ina ganin ba sai an ƙirƙiro komai ba. Malaman fiƙihu suna da murabaha, wato mutum ya bayyana nawa ya sayi kaya, sannan ya ɗora riba sananniya a kai, kuma bankunan Musulunci suna amfani da kalmar yau da kullum.

Tsohon Akanta: Lissafin murabaha a kan kuɗin saye yake hawa, wannan gaskiya ne, amma ita suna ce ta nau'in ciniki, kuma sharaɗinta a faɗa wa mai saye asalin farashin. Mai atamfa ba ya faɗa wa kowa nawa ya saro.

Ɗan Maraɗi: Ni dai ina roƙon kada wani ya ce a ari kalmomin Turawa a huta. A Faransancin da muka yi karatun kasuwanci da shi a Nijar, kason da ake kira na marj a kan kuɗin saye ake auna shi, wanda ake aunawa da kuɗin sayarwa kuma shi ne na mark. Wato kalmar da ta yi kama da majin ɗinku, a wurinmu ɗayan take nufi. Idan ɗan Maraɗi da ɗan Kano suka haɗa jari, kowa ya zo da tasa, rigima ce a ranar rabon riba. Sunan da ya ambaci sari ko ciniki kuwa, daga Damagaram har Zariya babu mai ɓata a cikinsa.

Mai Kishin Harshe: Wannan hujja ce a kan aro, ba a kan tazara ba. Amma idan za a yi jimlar dole, aƙalla a bar mini ɗoriya.

Malamar Lissafi: Na gode, malamai. Zan rubuta “ɗoriya a kan sari” da “riba a cikin ciniki”. Baba, ko akwai hanyar da mutum zai gane wanne ya rubuta a littafinsa ba tare da sunan ba?

Tsohon Akanta: Akwai. Ya ɗauki kason da ya rubuta ya cire shi daga kuɗin sayarwa. Idan abin da ya rage ya yi daidai da kuɗin sari, riba ce a cikin ciniki, idan kuma ya gaza, ɗoriya ce. A nan kashi 25 na 25,000 shi ne 6,250, saura 18,750, bai kai 20,000 ba. Ki kuma faɗa musu cewa wanda ya ninka kuɗinsa ya yi ɗoriyar kashi 100, amma ribarsa a ciniki kashi 50 ce kawai. Idan da gaske mutumin nan yana son kashi 25 ya tsaya masa daga ciniki, sai ya raba 20,000 da 0.75, ya sayar da turmi a kan kusan 26,667. Ga masu aiki da Excel a kwamfuta, idan sari yana akwatin A2, sayarwa tana akwatin B2, layin farko ɗoriya ce, na biyu ribar ciniki:

```
=(B2-A2)/A2
=(B2-A2)/B2
```

Ɗan Kantin Kwari: Malama, idan ya kai turmin 26,667 alhali maƙwabcinsa yana bayarwa 25,000, zai wuni bai yi ciniki ba. Gara ya bar farashin yadda yake, ya riƙa cire kashi 20.

Mai Kishin Harshe: Ban gamsu da “riba a cikin ciniki” ba, ta yi tsawo ga kan shafin littafin lissafi. Ki buga ta a wannan karon saboda lokaci, amma ki tambayi masu atamfar ranar Asabar ko suna da wata kalmar da suke faɗa a tsakaninsu.