Sikirinshot na fitowa a koɗe idan HDR na kunne

Maman Iman: Assalamu alaikum. Ina aikin lissafin kuɗi a laftof mai Windows 11, kuma nakan ɗauki hoton teburin Excel in tura wa maigidan shago ta WhatsApp. Tun da na haɗa sabuwar monita na kunna HDR, tsarin nan da ke ƙara wa sikirin haske da launi, hoton sai ya fito fari fat. Layukan da ke raba gidajen tebur sun ɓace, ruwan ɗorawar da nake yi wa jimla alama da shi ya koma kamar fari. A kan monitar kuwa komai ras. Da wata ƙaramar manhajar ɗaukar hoto da na daɗe da ita nake ɗauka. Wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya faɗa mana yadda nasa ya kasance.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma na sha wannan. WhatsApp ne ke matse hoto. Ki tura shi a matsayin fayil, zai je da kyansa.

Maman Iman: Na gode ƙanena, amma tun kafin in tura, a cikin kwamfutar ma haka yake idan na buɗe shi.

Sadiq Gem: Nawa akasin naki ne. Idan na ɗauki hoton wasan tseren mota, haske ba ya yin yawa, sai dai komai ya yi toka-toka, kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. Jar mota ta koma ruwan ƙasa, sararin sama ya dushe. Na ɗauka cuta ɗaya ce da taki.

Malam Habu Injiniya: Tushensu ɗaya, amma ba abu ɗaya ne ya same ku ba, kuma daga kallon hoton ake gane wanne ne.

Na Hajiya tukuna. Idan HDR na kunne, Windows na lissafa hasken kowane ɗigo da ma'aunin da 1.0 ke nufin nit 80, wato farin tsohon tsari. Da nit ake auna hasken sikirin. To nit 80 ya yi duhu a ɗaki mai haske, shi ya sa akwai madannin ja mai suna `SDR content brightness` a `Settings > System > Display > HDR`, wanda ke ɗaga farin Excel da burauza da sauransu. A ce kin ja shi har farin ya kai nit 240. Yanzu farin takardarki ya zama 3.0 a wancan ma'auni. Tsohuwar manhajar da ba ta san da HDR ba, ita dai abin da ta sani shi ne 1.0 ne ƙarshen fari, duk abin da ya haura sai ta datse shi. Kenan duk tokar da haskenta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na farin takarda za ta fito fari. A lambobin 0 zuwa 255 da hoton PNG ke amfani da su, wannan ya kama daga wajen 156 zuwa sama. Layukan Excel tokarsu mai haske ce sosai, ta wuce 200, don haka dole su narke cikin fari. Baƙin rubutu da launuka masu kauri ne ke tsira.

Gwajinsa mai sauƙi ne: ki mayar da madannin can ƙasa, ki sake ɗauka. In layukan suka dawo, to wannan ne.

Maman Iman: Na gwada Malam. Sun dawo! Sai dai monitar ta yi duhun da ba zan iya aiki a haka ba.

Malam Habu Injiniya: Gwaji ne kawai dama, ki mayar da shi inda yake. Ki bar waccan manhajar, ki danna `Win + Shift + S`. A saitin `Snipping Tool` na Windows 11, in an sabunta shi, akwai `HDR screenshot color corrector`. Ki kunna shi. Shi yana la'akari da inda aka ɗaga farin kafin ya ajiye hoton.

Na Sadiq kuma, wasan na fitar da hoto ne a tsarin HDR10, wanda ma'auninsa ya miƙe har nit 10,000. A wannan tsarin, farin da ake ɗauka na yau da kullum, nit 203, yana zaune ne a kusan kashi 58 cikin ɗari na siginar. Idan aka kwashe lambobin yadda suke aka zuba a hoton da ba shi da alamar HDR, mai buɗe hoto zai ga wajen 148 cikin 255, ya nuna maka toka a inda ya kamata ka ga fari. Launukan ma an rubuta su ne da faffaɗan ma'auni na BT.2020, sai aka karanta su da ƙaramin ma'auni na sRGB, shi ya sa jarka ta koɗe. Nan ba a datse komai ba, karatun ne aka yi ba daidai ba.

Sadiq Gem: To in haka ne ai sai in ƙara masa launi da haske a manhajar gyaran hoto, ko?

Zee Zane-zane: Na yi hakan wa wani da ya kawo min hotunan wasansa zai saka a fasta. Yana ɗan kyau, amma ba ya komawa daidai. In ka gyara sama, fuskar mutum ta yi ja, in ka gyara fuska, inuwa ta toshe. Kuma santsin launin sama sai ya fito layi-layi, don hoton bit 8 ne, ka ja shi fiye da ƙarfinsa. Irin na Hajiya kuwa ko taɓawa ba na yi, abin da ya zama fari ya tafi kenan.

Ni yanzu ba na wahalar da kaina. `Win + Alt + B` in kashe HDR, sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, in ɗauka, in sake dannawa. Duk hoton da kwastoma zai gani a waya ko a takarda, haka nake ɗaukarsa.

Sadiq Gem: Yaya Zee, a tsakiyar wasa wannan ba ya yi min. Wasan da nake yi in na kashe HDR yana gudana, launinsa rikicewa yake sai na fita na sake shiga.

Malam Habu Injiniya: Kai ka yi amfani da `Win + Alt + PrtScn` na Game Bar. Ka duba `Videos\Captures`, za ka ga hoto ɗaya ya fito kashi biyu, PNG da JXR. Na JXR shi ke riƙe da cikakken hasken, amma ba kowace manhaja ke buɗe shi ba, kada ka tura wa abokai shi. PNG ɗin an riga an sauko da haskensa don sikirin na yau da kullum. Ba zai yi walƙiyar da ka gani a monita ba, fitilun mota da rana dole a danne su su shiga cikin 255.

Ɗan Fagge: Ni fa da nake da HDR a waya ban taɓa ganin wannan ba. Ko don wayar ta fi kwamfuta ne?

Zee Zane-zane: Ka tsayar da bidiyon HDR a wayar ka ɗauki sikirinshot ka kwatanta. A tawa hoton yakan fi bidiyon duhu.

Abban Sultan: Nawa bai shiga ko ɗaya cikin biyun ba sosai. Monita biyu gare ni, ɗaya HDR, ɗaya tsohuwa. In na ja taga daga mai HDR zuwa tsohuwar na ɗauka a can, lafiya lau yake fitowa, ko da tsohuwar manhaja. Amma in tagar ta raba ƙafa tsakanin biyun, rabin hoton daidai, rabin ya yi fari. Na kunna saitin da Malam ya faɗa, ya ragu, amma har yanzu ina ganin bambanci a daidai mahaɗar.

Malam Habu Injiniya: Kowace monita da matsayin farinta, ina zaton daga nan ne. Nawa madannin `SDR content brightness` yake a mai HDR ɗin, kuma wace siga ce ta `Snipping Tool` a wajenka?

Abban Sultan: Madannin na kan 55. Sigar sai na koma ofis gobe in duba.