Crop, Eraser da Cutout: me za mu kira su da Hausa?

Malam Sabo: Jama'a, mai koyon gyaran hoto yana ruɗewa ne saboda duka ukun "yankewa" muke ce musu. Shawarata: Crop ya zama datsewa, Eraser gogewa, Cutout kuma yankowa. Datsewa daga gefe kawai take ci, a miƙe, hoton ya fito da kusurwa huɗu kamar 1:1 ko 9:16 na sitatus. Amma tana cin girma. Hoto mai 4000×3000, in ka datse rabin tsawo da rabin faɗi, ya koma 2000×1500, wato kashi ɗaya cikin huɗu ya saura. Shi ya sa yake dushewa in an buga shi babba.

Nafi'u: Malam, gogewa ai ita ce ta cire mutumin da ya shigo maka hoto, ko? Ni sharewa zan ce.

Hajiya Binta: A'a ƙanena. Eraser rami yake bari, ba ya cikewa. Duk inda ka goge, abin da ke ƙarƙashi ne zai bayyana. In ba komai a ƙasan, sai ka ga ƙananan murabba'ai farare da masu ruwan toka, alamar wurin fayau yake. Mai ɓatar da mutum ya cike gurbin da bango wani abu ne daban, a manhajar Snapseed Healing sunansa. Sharewa kuma mutane sun riga sun ba Delete.

Nafi'u: A Sakkwato dai share muke cewa.

Maman Ilham: Ni na yanko amarya zan ɗora a katin biki, na tura wa mai bugawa, ya ce bayanta baƙi ƙirin. Me ya jawo?

Malam Sabo: Maman Ilham, JPG ba ya riƙe wurin da yake fayau, fari ko baƙi yake cika shi. Ki adana a PNG, ki tura ta Document a WhatsApp, don in kin tura a matsayin hoto matse shi ake yi. Kafin nan ki ɗora ta a kan baƙin bango ki zuƙo hoton. Za ki ga wani siririn haske a gefen mayafi da tsakanin yatsu, ragowar tsohon bango ke nan. Ƙaramin burushin Eraser za ki bi da shi, ki rage Hardness don kada gefen ya fito kamar an yanka da almakashi. Mayafi shara-shara kuwa, tsohon bangon na cikinsa, sai dai ki zaɓi sabo mai kusan launinsa.

Issoufou, Maraɗi: Wayoyinmu Recadrer suke rubutawa da Faransanci a madadin Crop, datsewa ta yi daidai. Yankowa ma ta zauna, tunda abin da kake so kake ɗaukowa, gogewa kuwa wanda ba ka so kake bi. Shi Healing ɗin fa?

Hajiya Binta: Ni faci nake ce wa ɗalibaina.

Malam Sabo: Faci ana ganinsa, shi kuwa wannan so ake ya ɓace. Cike gurbi dai?