Shafi 62 a kan hul'i, an ce a mayar 35: saɓanin mazhabobi za a fara zubarwa?

Rukayya: Assalamu alaikum malamai. Babi na uku na kundina, a kan hul'i, ya kai shafi 62, mai duba aikin ya ce 35 yake so. Ma'anoni sun ci shafi 6, tarihin malamai 7, ayoyi da hadisai 8, saɓanin mazhabobi 19, Malikiyya 14, hukunce-hukuncen kotu 8. Abin da nake son tabbatarwa: a shari'o'in da na duba ana sa mace ta biya hul'i ko da ta kawo ƙarar cutarwa. An ce in cire saɓanin gaba ɗaya. Haka ne?

Malam Habu: Wa alaikis salam. Haka ne mana. Kotunanmu da Malikiyya suke hukunci, alƙali ba zai buɗe littafin Hanafiyya ba. Ki cire 19 ɗin, ki haɗa da tarihin malamai 7, kin sauko 36. Saura shafi ɗaya, ki matse ma'anoni. Aikin yini ɗaya ne.

Dakta Binta: Lissafin ya fita, Malam, amma za a yi asarar abin da babin ya fi buƙata. Rukayya, kada ki yanka sashe-sashe, ki bi mas'ala-mas'ala. Ki rubuta da'awarki a jumla ɗaya ki ajiye a gefe, sannan ki tambayi kowace mas'ala: in na cire wannan, akwai abin da zai canza a jumlar nan?

Ɗauki saɓanin da ake yi kan ko hul'i saki ne ko warware aure. Malikiyya sun ce saki ne ba'ini, sanannen ra'ayin Imam Ahmad kuma warwarewa ne. Amfanin saɓanin yana wajen ƙidayar igiyoyin aure. Ba ruwansa da tambayar ko macen da aka cutar za ta biya. Jumla biyu sun ishe shi, alhali na san ɗalibai kan ba shi shafi biyar, don shi ne ya fi yawa a littattafai.

Amma mas'alar masu sulhu biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ambata, ita ba a taɓa ta. A wurin Malikiyya suna da ikon raba auren ko miji bai yarda ba, da biya ko ba biya. Hanafiyya sun ce wakilai ne, ba sa rabawa sai da izinin miji. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi kusa da abin da kike zargin ana yi, wato jingina komai ga yardar miji. Idan kika cire shi, mai jarrabawa na waje zai kawo miki shi ranar kare kundi, ki kuma ba ki da amsa a rubuce. Ki bar masa shafi uku cikakku. Sai mas'alar karɓar fiye da sadaki, ita ma ta shafi kuɗin da mace ke biya, shafi ɗaya da rabi. Ka ga 19 ta koma kamar 5, ba sifili ba.

Malam Habu: To, na yarda da masu sulhun. Amma shafi 27 ɗin da ake nema a rage daga ina za su fito? Kin ceto shafi biyar, sai kin biya su a wani wuri.

Dakta Binta: Daga cikin Malikiyyar kanta. Saɓani ya ba da 14. Tarihin malamai ya tafi duka, 7, a bar shekarar rasuwa kusa da suna a ambato na farko. Ma'anoni su koma shafi ɗaya, 5 ke nan. Mun kai 26. Sannan a duba shafi 14 na Malikiyya, kusan kullum akwai maimaici: a kawo lafazin Muhtasar na Halil, a kawo Dardir yana sharhi, a kawo Dasuƙi, a kawo Haɗɗab, duk magana ɗaya. A zaɓi wanda ya fi fito da hukuncin fili, sauran a ambaci juzu'i da shafi a ƙasa. Ba a kawo na biyu sai ya ƙara sharaɗi ko ya saɓa. Nan za a samu shafi 4, a ɗauki 3 a ƙara wa sashen kotu, domin shafi 8 sun yi kaɗan ga abin da shi ne gudummawar ɗalibar. Lissafi ya tsaya 35.

Nasiru: Ni a ganina ba sai an wahala ba. A rage girman rubutu, a matse tazarar layi, sauran a tura bayanin ƙasan shafi. Ba abin da ya ɓata.

Alƙali Mai Ritaya: Ɗana, tsarin rubutu makaranta ce ke ƙayyade shi, za a dawo da kundin. Ƙasan shafi kuma wurin nuna madogara ne. Duk abin da hujja ta tsaya a kansa, in ya koma can, mai karatu zai ga sakamako bai ga dalili ba.

Abin da nake jin tsoro daban ne, 'yata. Ba cire sashe ke kashe babin fiƙihu ba, taƙaita jumla ne. Risala ta ce mace tana iya fansar kanta da sadakinta ko ƙasa da shi ko fiye, matuƙar ba don cutarwa ba ne, in kuwa don cutarwa ne, a mayar mata da abin da ta bayar, hul'in kuma ya tabbata a kan mijin. Mai gaggawa zai rubuta cewa Malikiyya sun halatta hul'i da fiye da sadaki, ya tsaya. Ya rage layi biyu, ya jefar da sharaɗin da kundin gaba ɗaya ya hau kansa. Haka a Muhtasar, ana mayar da dukiyar da shaidar abin da ya yaɗu a bakin mutane game da cutarwar, ba sai wanda ya gani da ido ba. In aka taƙaita zuwa "idan ta kawo shaidu", an tsananta abin da mazhaba ta sassauta, kuma an wanke alƙalan da kike suka.

Don haka kafin ki taɓa komai, ki ja layi ƙarƙashin kowane "idan", "matuƙar", "sai dai" da "a mashhurin zance" a tsohon rubutun. Bayan yanka ki bi su ɗaya-ɗaya ki ga suna nan. Wanda ya ɓace, ki san dalilin ɓacewarsa.

Rukayya: Allah ya saka da alheri, Baba. Nassin Larabci fa? Kowane na kawo shi da fassararsa, suna cin wuri biyu.

Dakta Binta: Ki bar Larabcin inda gardama take kan lafazin, kamar waɗannan biyu da Alƙali ya kawo da aya ta 229 ta Baƙara. Sauran fassara da madogara sun isa. Hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu ma riwaya ɗaya ta Buhari ta wadatar, sai in wata riwayar ta ƙara hukunci. Kuma bayan an gama, ki nemo duk "kamar yadda ya gabata", da yawa za su koma nuni ga abin da ba ya nan. Manazarta ma a tace, littafin da ba a ambata ba ya fita.

Alƙali Mai Ritaya: A kan Larabcin ban bi ki ba, Dakta. Mai jarrabawa da ya yi karatun zaure yana son ganin ibara da idonsa, bai cika amincewa da fassarar ɗalibi ba. A sa su a rataye in ba wuri.

Dakta Binta: Rataye ba kowa ke buɗe shi ba, ranka ya daɗe, kuma wasu sassan suna ƙidaya shi cikin shafuka. Ta tambayi mai duba aikinta wanne sashensu ya saba karɓa kafin ta kwashe nassoshin.