Sabar Minecraft: in kama haya ko in kunna tsohuwar kwamfutata a gida?

Sani, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu takwas ne muke buga Minecraft Java: huɗu a Jidda da Makka, uku a Kano, ɗaya a Port Sudan. Muna son sabar kanmu da za ta kwana a kunne. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai RAM 8 GB, intanet ɗin gidanmu kuma rautar 5G ce. In yi amfani da ita ko in kama hayar VPS? Wanne ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba zai riƙa maƙalewa ba?

Abba Makka: Wa alaikumus salam. Gida mana! Kwamfuta taka ce, wuta ba ta ɗaukewa a nan, kuma jinkiri babu shi tunda sabar na gefen gadonka. Ka shiga rauta, wajen `Port Forwarding`, ka buɗe 25565 a TCP, shi ke nan. Me zai sa ka biya Bature kuɗi duk wata?

Nura: Ni dai na gwada VPN a PUBG, wallahi ƙara nauyi ya yi. Kada ka ɓata kuɗinka.

Abba Makka: Nura, VPS ya ce, ba VPN ba. Kwamfuta ce ake ba ka haya a cibiyar wani kamfani.

Injiniya Habu, Riyad: Abba, lissafinka na kuɗi ya yi daidai. Kwamfutar da ke jan wat 60 dare da rana tana cin kilowat-awa 43 da 'yan kai a wata. A farashin gida na halala 18 kowane kilowat-awa, in an ɗora haraji, abin bai wuce riyal 9 ba. Amma jinkirin da ka ce babu, ga Sani kaɗai ne babu shi, saura mutum bakwai fa?

Sani ƙanena, kafin komai ka duba abu ɗaya, don shi zai iya kashe maganar gida gaba ɗaya. Shiga shafin rautarka ka nemo lambar da ke gaban `WAN IP`, sannan ka buɗe kowane shafin da ke nuna wa mutum lambar IP ɗinsa. In lambobin biyu sun bambanta, musamman in ta rautar ta faɗa tsakanin `100.64.0.0` da `100.127.255.255`, to kana bayan CGNAT. Kamfanin ya haɗa ku da yawa a kan lamba ɗaya, kuma ko ka buɗe ƙofa a rautarka, wanda ke waje ba zai iso ta ba, saboda akwai wata ƙofar a hannun kamfanin wadda ba kai ke da makullinta ba. Layukan 4G da 5G galibi haka suke. Mai fayiba ya fi samun lambar kansa, ko da tana canzawa lokaci zuwa lokaci, wannan kuma DDNS, wato suna tsayayye da ke bin lambar duk sanda ta canza, na magance shi.

Sai maganar nisa, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurinku. Haske a cikin fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato kowane kilomita 100 yana ƙara milisakan ɗaya zuwa da dawowa, ko da komai na tafiya lafiya. Mutum zai ɗauka daga Kano zuwa Jidda tsallaka Sudan kawai za a yi, kamar yadda kakanninmu suka yi zuwa aikin Hajji. Data ba ta bin wannan hanyar yawanci. Tana gangarawa Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan ta sake biyo Bahar Rum da Bahar Maliya ta fito Jidda. Ni daga nan nakan ga milisakan 80 zuwa 90 zuwa Frankfurt. Ƙanena a Kano, da layin waya, yakan ga wajen 140 zuwa can ɗin. In sabar tana ɗakinka, shi sai ya biya tafiyar biyu a haɗe, ya haura 200. In tana Jamus ko Faransa, kai ka samu 80 da wani abu, su 140, kowa ya iya wasa.

Minecraft yana juyawa sau 20 a daƙiƙa, kowane juyi milisakan 50. Ga gini da haƙar ma'adinai, 90 ba za ka ji ta ba. Daga 200 ne za ka fasa bulo ka ga ya dawo, ko dodo ya buge ka kafin ka gan shi.

Sani, Jidda: Na duba, Injiniya. Ta rautar 100.72 ta fara, ta shafin kuma wata daban ce. Ke nan gida ya fita?

Injiniya Habu, Riyad: Ta hanyar da Abba ya faɗa, ya fita. Kuna iya sa manhajar Tailscale ko ZeroTier, masu haɗa kwamfutoci kamar a gida ɗaya suke, a kwamfutocinku duka takwas, su suna ratsa CGNAT a mafi yawan lokuta. Amma ba za su rage wa mutanen Kano nisa ba, kuma 5G da daddare, in unguwa ta cika, jinkirinta hawa da sauka yake yi. Wannan rawar ta fi jinkiri mai tsayawa wuri ɗaya ɓata wasa.

Usman Madina: Ni haya nake yi, amma kada a yi wa VPS kwalliya da yawa. Na farkon da na kama mai arha ne sosai, RAM isasshe, amma da mun kai mu shida sai kaji da shanu su riƙa tsalle-tsalle a wuri ɗaya. Na zata intanet ne. Ashe CPU ɗin injin ne muke rabawa da wasu masu haya, kuma wannan wasan ƙarfin core ɗaya na CPU ya fi buƙata, ba yawansu ba. Yadda za ka gane: buga `top` a VPS ɗin ka kalli `st`, wato kason CPU da ake ƙwace maka, in yana yawan haura 5 ko 10 cikin ɗari, maƙwabtanka ne ke cinye maka. In manhajar sabar Paper kake amfani da ita, `/tps`, mai nuna yawan juyi a daƙiƙa, ya kamata ya tsaya kusa da 20. In ya sauka, laifin injin ne. In yana 20 amma mutum ɗaya na kuka, layinsa ne. Yanzu ina biyan wajen riyal 40 a wata, raba takwas riyal biyar-biyar ke nan.

Maman Ilham: Ɗana ya taɓa ajiye irin wannan a falo. Wuta kam ba ta ɗauke ba, amma Windows ta sabunta kanta da tsakar dare ta tsaya, wani lokacin ƙanwarsa ta zare waya ta sa cajar wayarta. Ga zafi in an kashe mukayyif, wato AC. Kuma ku tuna mun riga Najeriya da awa biyu, lokacin da 'yan Kano suka zauna wasa, kai Sani barci kake, wa zai tashi ya kunna?

Abba Makka: Hajiya, na haya ma in katinka ya ƙi biya rufewa za su yi, daga baya su goge komai. Kuma me ya sa sai Turai? Akwai cibiyar Oracle a nan Jidda, AWS na Bahrain.

Injiniya Habu, Riyad: Da duk ku takwas a Saudiyya kuke, da na ce haka, ko ma gida da fayiba. Da 'yan Kano a ciki, Jidda ko Bahrain duk matsala ɗaya ce da ɗakin Sani. Maganar gogewa gaskiya ce, shi ya sa ko ina ka ajiye, ka riƙa kwafe babban fayil ɗin `world` zuwa wani wuri daban. Tsohuwar kwamfutar ma ga aikin da za ta yi.

Na Port Sudan ne ban yanke hukunci a kansa ba. Akwai wayar teku tsakanin Port Sudan da Jidda, don haka yana iya fin kusa da ɗakinka, amma ya danganta da hanyar da kamfaninsa ke bi. Kada ku biya kuɗin shekara. Ku kama wadda ake biya da awa, kowa ya buga wannan a lokacin da kuka saba wasa, ba da rana ba:

```
ping -n 50 lambar_sabar
```

Ku turo `Average` da `Maximum` da yawan `Lost`.

Sani, Jidda: Na gode ƙwarai. Zan kama ta Frankfurt yau bayan Isha mu gwada. Na Port Sudan ɗin intanet ɗinsu ya yanke tun jiya, sai ya dawo zan turo nasa.