Cinikin kwana ukun ƙarshen Disamba ya tsaya mini a rai

Zainab: Assalamu alaikum. Ina cikin masu binciken asusun wani kamfanin sari da ke rufe shekara ran 31 ga Disamba. Cinikinsu na wata bai cika wuce miliyan 60 ba, amma Disamba ya kai miliyan 95, kuma miliyan 28 daga ciki a kwana ukun ƙarshe aka rubuta. Manaja ya ce kasuwa ce ta buɗe. Ta yaya zan gane wanda aka janyo daga Janairu, da wanda babu cinikin ma sam?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Kafin komai, kin halarci ƙidayar kaya a sito? In kin je, kin rubuta lambar takardar fitar da kaya ta ƙarshe da aka yanka a ranar? Wannan lambar ita ce iyakarki. Kwanan watan da ke kan inbois ba hujja ba ne, akanta yana zaune a ofis zai buga ranar da ya ga dama. A ƙa'idar IFRS 15, wadda ta tsara yadda ake rubuta ciniki a asusu, ciniki yana tabbata ne sa'ad da ikon kaya ya koma hannun mai saye. Saboda haka duba yarjejeniyarsu da kwastomomi: in mai saye ke turo motarsa, ciniki ya faɗa da an gama lodi, in kamfani ke kaiwa, galibi sai an sauke an sa hannu a can.

Sannan ki fara daga littafin ciniki, ki ɗauki kowane inbois na kwanakin nan ki nemo takardar fitar da kayansa. In kika fara daga takardun sito kika nufi littafi, cinikin da aka manta ba a rubuta ba kawai za ki kama. Na ƙarya ba zai taɓa faɗo miki ba, tunda ba shi da takarda a sito tun farko.

Zainab: Na je, Malam. Lamba ta ƙarshe 4417 ce. Na bi su yau kamar yadda ka ce. Na miliyan 11 takardunsu suna ƙasa da 4417, da sa hannun direbobi. Na miliyan 9 lambobinsu daga 4421 zuwa 4427 ne, an rubuta musu 31 ga Disamba da biro, amma littafin mai gadi ya nuna motocin sun fita ran 3 da 4 ga Janairu. Sauran miliyan 8 inbois biyu ne, babu takardar fita ko ɗaya. Manaja ya ce an saya an bar kayan ajiya a sitonsu.

Auwal: Ni a ganina ki tura wa kwastomomin wasiƙar tabbatar da bashi kawai. In sun amsa cewa ana bin su, magana ta ƙare. In ma sun biya a Janairu, to me ya rage?

Malam Bashir: Auwal, wasiƙar tana da amfani, amma ba za ta warware na miliyan 9 ɗin ba. Wasiƙa za ta isa a tsakiyar Janairu, kayan sun riga sun shiga hannun kwastoma, zai ga lambar inbois ya sa hannu ba tare da ya lura da wace rana ake tambaya ba. Biyan kuɗi ma yana nuna an yi cinikin ne, ba ya nuna shekarar da ya faɗa.

Malama Zainab, yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a kan miliyan 9 ɗin nan: ranar ƙidaya, an ƙirga kayan cikin na kamfani ko an ware su? Mu ɗauka ribarsu kashi 10 ce cikin ɗari na kuɗin sayarwa, wato kayan sun tsaya musu a miliyan 8.1. In an cire su daga ƙidaya, gyaran shi ne a soke ciniki da bashi na miliyan 9, a mayar da kayan miliyan 8.1 cikin sito, riba ta ragu da dubu 900 kacal. Amma in an ƙirga su kuma an rubuta cinikinsu, to an kumbura riba da miliyan 9 ɗin gaba ɗaya, domin ciniki ya shiga babu kuɗin kaya a gefensa. Ki ɗauko takardun ƙidayarki ki nemi waɗannan kayan da sunansu da adadin katan. Alamarsa kuma tana fitowa a lissafi: ribar Disamba za ta yi tsalle sama da ta sauran watanni ba tare da an ƙara farashi ba.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri, ni 'yar kasuwa ce ba odita ba, amma kada a mayar da mutane ɓarayi. Ni kaina nakan sayi kaya in biya in bar su a wurin dila mako biyu saboda ba ni da wurin ajiya. Wannan ai ba ƙarya ba ce.

Malam Bashir: Gaskiyarki, Hajiya, kuma ƙa'idar ta san da irin wannan. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa: a sami dalili na gaske, kamar mai saye ne ya nemi a ajiye masa, a ware kayan a san nasa ne, su kasance a shirye don ɗauka, kuma kamfani ba shi da ikon amfani da su ko sayar wa wani. Naki kin biya, kuma na tabbata in kin je za ki nuna kayanki da yatsa. Malama Zainab ta tsaya a sitonsu ranar, ita za ta faɗa mana ko ta ga kayan miliyan 8 a gefe da sunan wani a jiki.

Zainab: Ban ga komai a ware ba, Malam. Kuma ɗaya daga cikin kwastomomin biyu a Disamban aka buɗe masa asusu.

Maryam: To a nan ne zan sa baki, don na taɓa cin karo da irinsa a wani kamfani. Ki karɓi littafin ciniki na Janairu da Fabrairu ki duba takardun soke ciniki da na mayar da kaya. Ciniki na ƙarya ba ya iya zama har abada, dole a share shi, kuma yawanci ana jira odita ya tafi. A namu an soke shi kashi-kashi don kada adadin ya yi daidai da na inbois, sai da muka tara su sunan kwastoma ɗaya ya fito. Shi sabon kwastoman, kada ki karɓi adireshinsa daga bakin manaja ki tsaya nan. Ki nemi rajistarsa da kanki, ki duba wa ya amince a ba shi bashin miliyoyi a watansa na farko, ke ki aika wasiƙar, amsa kuma ta dawo hannunki kai tsaye. In an ce ya biya, ki duba takardar banki ki ga daga asusun wa kuɗin ya fito, kuma ko wani adadi makamancinsa ya fita daga kamfanin kwana ɗaya ko biyu kafin nan.

Auwal: Na yarda da batun banki. Amma miliyan 9 ɗin ni har yanzu kuskure nake gani. Ma'aikatan sito sukan rubuta ranar da aka shirya kaya, ba ranar da mota ta tashi ba.

Malam Bashir: Zai yiwu. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne takardu bakwai a jere duk sun kuskure ta ɓangaren da ke ƙara ciniki, ga kuma 4418 zuwa 4420 ba mu san ranarsu ba. In waɗannan ukun na Janairu ne, yaya na bayansu suka zama na Disamba? Ƙa'idar binciken asusu ta ISA 240 ta ce odita ya ɗauka tun farko akwai haɗarin zamba a rubuta ciniki, don haka, Malama Zainab, kada ki yanke hukunci ke kaɗai kuma kada ki tunkari manaja da zargi. Ki kai wa shugaban aikinku maganar gobe da kwafin littafin mai gadi, ki kuma tambaya ko ladan manajan yana rataye da cinikin shekara.

Zainab: Na gode ƙwarai. Littafin da 4418 zuwa 4420 suke ciki an ce yana wurin mai kula da sito, shi kuma sai Litinin zai dawo.