Hattara da masu neman lambar tabbatarwa ta WhatsApp

Jama'a, ga abin da muka tattara daga tattaunawar da muka yi kan damfarar da ke yawo.

Wani zai kira ka, ko ya turo saƙo da sunan ɗan ƙungiya, ya ce za a yi taro ta intanet kuma an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Ƙarya ne. Shi ne ya saka lambar wayarka a WhatsApp ɗin wayarsa, shi ya sa saƙon tes mai lambobi 6 ya shigo maka. Da ka faɗa masa, asusunka ya koma hannunsa, sai ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Abin takaici, mutane kan tura, tunda hotonka suke gani.

Kada ka ba kowa lambar nan, ko da shugaban ƙungiya ne. Ka shiga Settings na WhatsApp, sannan Account, ka kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri da kai kaɗai ka sani.

Wanda aka riga aka ƙwace wa, ya sake rajista da lambar wayarsa nan take. Shigar da sabuwar lambar tes zai fitar da ɓarawon. Sannan ya sanar da mutanensa ta kira.

Duk wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, kira shi ka ji muryarsa tukuna.